Yogot ɗin gida: me ya sa yake tsinkewa, ko ya yi gudaji, ko ya yi yauƙi?

Tambayoyin nan su ne kullum ake maimaita min, kusan duk wanda ya fara haɗa yogot a gida sai ya ci karo da ɗaya cikin ukun nan, wani ma duka ukun a roba ɗaya. Na sa musu lamba saboda amsoshin suna jingine da juna. Duk inda na ce digiri, na ma'aunin Salshiyas nake nufi, cokali kuma babban cokalin awo mai mililita 15.

1. Wai me ke sa madara ta kama ta zama yogot tun farko?

Sai an gane wannan sauran za su zo da sauƙi. Irin da ake zubawa, wato sitata, ƙwayoyin bakteriya ne masu rai kala biyu da ke aiki tare, suna cin sukarin da ke cikin madara suna fitar da tsami. Da tsamin ya fara yawa sai furotin ɗin madara, wanda da yake yawo ɗaiɗai a cikin ruwa, ya fara manne wa juna yana saƙa wani abu kamar raga mai ƙananan ƙofofi, ruwan madarar kuma ya maƙale a cikin ƙofofin. Wannan ragar ita ce kaurin da kuke gani. Babu wani abu da ya ƙafe, ruwan yana nan duka, riƙe shi kawai aka yi.

To in ragar ba ta da ƙarfi ko ta yage, ruwa ya zubo, shi ne tsinkewa. In furotin ɗin ya dunƙule da gaggawa maimakon ya saƙu a hankali, shi ne gudaji. Yauƙi kuma labarinsa daban ne, wani abu ne ƙwayoyin da kansu suke fitarwa, yana tambaya ta 9.

2. Na bar shi ya kwana amma da safe na tarar da madara tsululu, ko alamar kamawa babu. Me ya faru?

Ɗanɗana shi tukuna. In babu tsami ko kaɗan, ɗanɗanon madara ne zalla, to ƙwayoyin ba su yi aiki ba, kuma yawanci ɗayan abu uku ne. Ko an zuba irin madarar tana da zafi sosai ta kashe su, don da zafi ya wuce digiri 50 sun fara mutuwa, ko wurin ya huce da wuri suka kwanta ba su gama ba, ko kuma irin dama can matacce ne. Akwai yogot na kanti da ake sake dafawa bayan an haɗa don ya daɗe bai lalace ba, wannan ko kofi guda kuka juye ba abin da zai yi, sai a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana da ƙwayoyi masu rai, mara sukari mara ƙamshi, wanda bai daɗe a ajiye ba.

Akwai na huɗu da masu amfani da ɗanyar madarar shanu ke mantawa: in ana yi wa saniyar allurar antibayotik, maganin yana fita a nononta, kuma tafasawa ba ta kawar da shi gaba ɗaya, ƙwayoyin yogot kuwa ba sa jure shi. Irin wannan madarar dama bai kamata a sha ba. Sannan madarar da ta kwana da ɗumi ba ta yi tsami ba, ni ba na ba da shawarar a ƙara mata iri a sake gwadawa, tsamin ne ke kare ta daga miyagun ƙwayoyi kuma bai samu ba, zubarwa ya fi. In awa uku ko huɗu ne kawai kuka duba kuka ga wurin ya huce, wannan kam a mai da ɗumin a ba shi lokaci.

3. Nawa yana yin tsami, yana ɗan kamawa, amma ba kauri, da na sa cokali sai ya narke. Ina matsalar?

Nan ƙwayoyin sun yi nasu, kayan saƙar ne suka yi kaɗan. Madarar shanu tana da furotin wajen giram 3.3 a cikin kowane giram 100, kuma da wannan ɗin yogot mai laushi ake samu, ba irin wanda cokali ke tsayawa a ciki ba. Masu madarar gari su suka fi faɗawa nan don ana yawan tsinka ta kamar za a sha shayi. Kafin ta koma daidai da madarar shanu sai an sa wajen giram 130 a cika da ruwa ya zama lita ɗaya, don yogot mai kauri kuwa ni giram 150 zuwa 160 nake sawa. In madarar ruwa ce, a ƙara mata garin madara cokali uku zuwa huɗu a kowace lita kafin a ɗora a wuta.

A kuma juya leda ko gwangwanin a karanta bayansa. Garin madara mai cikakken mai yana da furotin wajen giram 24 zuwa 26 a giram 100, in kun ga adadin ya yi ƙasa da haka sosai to an cika shi da wasu abubuwa, sai an ƙara yawansa. Farin garin nan da ake zubawa a kofi don ya yi fari kuwa, mai ne da sukari kusan duka, ba zai taɓa kamawa ba.

In madarar ta isa kuma har yanzu ba kauri, kusan tabbas dafuwar ce, a karanta ta 4.

4. Madarata ta kwali ce ko ta gari, an riga an dafa ta a kamfani. Dole sai na sake ɗora ta a wuta?

Mutane suna ɗauka kashe ƙwayoyin cuta kawai ake yi da dafawar, shi ya sa suke tsallake ta, alhali rabin kaurin yogot a tukunya ake samo shi. Furotin ɗin madara gida biyu ne. Akwai babban, kesin, mai saƙa ragar, akwai kuma ƙarami da ke narke a cikin ruwan, wanda in ba a dafa ba haka zai bi ruwa ya tafi ba ya taimaka wa kowa. Amma in madara ta kai digiri 85 aka riƙe ta a nan minti 20 zuwa 30, ko digiri 90 na minti 10, wannan ƙaramin yana warwarewa ya manne a jikin kesin, sai ragar ta fito da ƙofofi ƙanana masu riƙe ruwa sosai. Riƙewar ita ce maganar. Wanda ya ga madara ta taso ya sauke nan take bai samu amfanin duka ba.

Yadda za a gane ba tare da ma'auni ba: tururi na tashi, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, saman yana ɗan rawa amma bai tafasa ba. A rage wuta ƙasa-ƙasa a riƙa juyawa har gindin tukunya. Madarar kwali mai daɗewa, wadda aka dafa da zafi mai tsanani na 'yan sakanni, tana kamawa ko ba a sake dafa ta ba, sai dai yogot ɗinta yakan fi laushi, ni dai ƙara mata gari nake yi in ɗora ta kamar kowace.

5. Ya kama da kyau amma akwai ruwa mai launin rawaya-rawaya kwance a sama. Ya lalace ne?

Bai lalace ba. Ruwan madarar ne da ragar ta saki, ana shansa, ɗan kaɗan a sama ko a ramin da cokali ya bari duk yogot da ba a sa masa sitaci ko jelatin ba yana yi. A tsiyaye shi ko a juya ya koma ciki.

In ya yi yawa ne, yogot ɗin ya janye daga jikin roba yana iyo a cikin ruwa kamar tsibiri, to an wuce gona da iri: ko ya daɗe da yawa a ɗumi, ko ɗumin ya yi yawa. Tsami yana ci gaba da ƙaruwa bayan an kama, ragar tana tsukewa tana matso ruwan waje kamar ana matse soso. A digiri 42 zuwa 43 yawanci awa 5 zuwa 8 sun isa, wannan al'adar a rufe da magariba sai hantsin gobe ita ke kawo rabin ƙorafin da nake ji. Daga awa ta biyar a fara dubawa, a ɗan karkata robar a hankali, in saman ya motsa gaba ɗaya a dunƙule kamar kastad da ya huce to ya yi, a kai firij.

6. Da gaske ne motsa shi yana hana shi kauri, ko camfi ne?

Ba camfi ba ne. Lokacin da ragar ta fara haɗuwa, wajen awa ta biyu zuwa ta huɗu, ba ta da ƙarfi ko kaɗan, in aka girgiza ko aka sa cokali aka juya to ta yage kuma ba ta sake ɗinkewa yadda take. Har ajiye shi a kan abin da ke rawa, kamar saman injin wanki, yana iya jawo hakan. Kuma kar a juya shi da ɗuminsa don ɗoki, a sa shi a firij yadda yake ya yi aƙalla awa 6, don kaurin gaske a sanyi yake zuwa. Da yawa waɗanda ke cewa nasu ya tsinke, hukunci suka yanke masa tun yana da ɗumi.

7. Nawa yana yin gudaji ƙanana-ƙanana, a baki kamar da tsaki a ciki. Daga ina?

Gudaji alamar gaggawa ce, furotin ya dunƙule wuri-wuri kafin ya samu ya saƙu. Babban mai laifi shi ne zuba iri a madara mai zafi. Irin ai yogot ne mai tsami, tsami da zafi in suka haɗu madara tana guntsewa nan take a daidai inda ya faɗa, waɗannan 'yan guntayen kuma ba sa narkewa har ƙarshe. Sai madara ta huce zuwa digiri 43 zuwa 45. In ba ma'auni, a ɗiga a bayan hannu, a ji ɗumi sosai amma ba ƙuna, ko da yake gaskiya hannu yana yaudara, wanda ya saba da aikin wuta abin da yake ji ɗumi-ɗumi ne sai ka auna ka ga 52. Ƙaramin ma'aunin zafi na kicin ya fi duk wata dabara da zan faɗa muku.

Na biyu, ajiye shi a wurin da ya yi zafi da yawa, sama da digiri 46, misali oben da aka kunna aka manta ko kular da aka cika da tafasasshen ruwa. Wannan yana ba da gudaji da ruwa a tare, ku haɗa da amsa ta 5. Na uku, irin da ba a dama ba. Kar a jefa shi a dunƙule, a ɗebi madarar mai ɗumi kamar rabin kofi a dama irin a ciki har ya yi sumul, sannan a juye a tukunya a juya ya game ko'ina.

Akwai kuma gudajin da ba ruwansa da ƙwayoyi sam. Garin madara da bai narke ba, yanar da ta taru a sama lokacin hucewa aka juya ta ciki, da ƙanzon gindin tukunya da aka kankaro. Garin a dama shi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a bar shi ya jiƙa kamar minti 20 kafin wuta, sannan a tace madarar da rariya mai laushi kafin a sa iri. Minti ɗaya ne aikin amma yana raba ku da wannan kashin gaba ɗaya.

8. Ba in na ƙara iri da yawa zai fi kauri ba?

A'a, nan ne kusan kowa ke kuskure, ni ma na yi shi. Cokali ɗaya zuwa biyu a lita ɗaya ya wadatar, wato wajen kashi 1.5 zuwa 3 cikin 100 na madarar. Ƙwayoyin suna hayayyafa da kansu. In aka juye rabin kofi, tsami zai sauko da gudu, ragar ta haɗu a hargitse, ga kuma tsohon yogot mai yawa da ya riga ya kama yana yawo a ciki, sakamakon shi ne gudaji da tsami mai kaifi da ruwa a sama. Kauri daga madara da dafuwa yake zuwa, tambaya ta 3 da ta 4.

9. In na ɗaga cokali sai ya biyo yana zare kamar farin ɗanyen ƙwai. Menene wannan yauƙin?

Wasu daga cikin ƙwayoyin yogot, ban da tsami, suna fitar da wani abu mai danƙo wanda asalinsa sukari ne da suka ƙulla ya zama dogayen zarurruka. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, shi ke sa yogot santsi a baki kuma yana taimakawa wajen riƙe ruwa, shi ya sa kamfanoni da yawa da gangan suke zaɓen ƙwayoyi masu yin sa. A ƙasar Finlan ma akwai madarar da ake haɗawa musamman don yauƙin, haka suke son ta. Matsalar ita ce in ya yi yawa.

Abin da ya fi jawo shi a gida shi ne ɗumin da bai isa ba. In madarar ta sauka ƙasa da digiri 37 ko makamancin haka ta daɗe a nan, tsami yana tafiya a hankali, ƙwayoyin kuma suna samun dogon lokaci suna tara danƙon, sai a wayi gari da yogot mai ɗan tsami kaɗan mai ja kamar gam. Yawanci ƙaramar roba ce da aka naɗe da tawul ɗaya a ɗaki mai sanyi, ta huce cikin awa biyu. Maganin shi ne a riƙe ɗumin: a ɗauraye filas ko kula da ruwan zafi tukuna, ko a jera kwalaben a cikin kula a zuba ruwa mai digiri 45 har wuyansu a rufe, in ya huce a tsakiya a ɗebe kaɗan a ƙara mai ɗumi ba tare da an girgiza kwalaben ba.

In ɗumin daidai ne amma yauƙin na nan, to irin ne. A canza kamfanin yogot ɗin da ake ɗiba, ko a sayi busasshen iri na leda. Kuma wanda ke ɗibar iri daga na jiya zuwa na yau, bayan zagaye huɗu ko biyar daidaiton ƙwayoyin biyu yakan karkace, a sabunta. Yogot mai yauƙi dai kar a yi iri da shi, 'ya'yansa ma haka za su fito.

10. To mai yauƙin ana iya sha, ko zubarwa za a yi?

In fari ne tas, ƙamshinsa na yogot ne, tsaminsa mai daɗi, to ana sha, a buga shi da maburgi bayan ya yi sanyi, zarurrukan suna ragewa sosai. Amma akwai yauƙin da ke zuwa daga baƙin ƙwayoyi, daga kwanon da ba a wanke da kyau ba, ko soson wanke-wanke, ko cokalin katako mai tsagu, ko ruwan da aka dama gari da shi ba a dafa ba. Wannan yakan zo da rakiya: wari, ɗaci, kumfa ko ƙofofin iska a ciki, murfi ya kumbura, warin giya ko na yis, ko launi ya koma ruwan hoda ko lemo, ko fumfuna. Ko ɗaya kuka gani a zubar duka, ba a kwashe sama a ci ƙasa a yogot don abu ne mai ruwa, abin ya riga ya ratsa. Sai a zuba wa duk kayan tafasasshen ruwa kafin haɗi na gaba.

11. Wanda ya riga ya ɓaci fa, akwai gyara ko sai dai na gaba?

Wanda ya yi tsami amma ya tsinke shi ya fi sauƙi. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, wanda aka tafasa, a cikin rariya, a ɗora kan kwano, a juye yogot ɗin bayan ya yi sanyi a mayar firij. Bayan awa biyu zuwa uku zai zubar da wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwansa ya yi kauri sosai, in ya wuce yadda ake so a mayar masa da ɗan ruwan a juya. Ruwan da ke ɗiga ya zama garai-garai mai rawaya, in fari ne kamar madara to ƙyallen ya yi sako-sako, a ninka shi.

Mai gudaji a tace shi tukuna sannan a buga da maburgi ko a tura shi ta rariya mai laushi da bayan cokali. Bilenda tana sa shi sumul amma tana tsinka shi gaba ɗaya ya koma na sha, a san da wannan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mai da shi kan wuta wai ya ƙara kamawa, zafi a kan madara mai tsami cuku zai ba ku da ruwa gefe.

12. Nawa ya haɗa biyu, ga gudaji ga ruwa, kuma na bi komai. Ta ina zan fara bincike?

Bari in ba ku labarin wata ƙawata don irin wannan ne sak. Ta rantse ta bi komai, da na ce ta faɗa min da awo sai ga shi: garin madara giram 100 a ruwan zafi lita ɗaya, ba ta ɗora a wuta ba tunda ai ruwan ya tafasa, ta jira minti goma, ta juye iri rabin kofi daga firij kai tsaye, ta zuba a filas ta rufe awa 14. Lissafin farko, giram 100 a lita ɗaya furotin ɗinsa bai wuce kashi 2.3 cikin 100 ba, ko madarar shanu bai kai ba, tsinkewa kenan tun kafin a fara. Ba a riƙe ta a zafi ba, ga rashin riƙe ruwa. Lita guda ta ruwan zafi ba ta sauka zuwa 45 a minti goma, ga gudaji, sa'arta ma irin mai yawa ne kuma mai sanyi shi ya sa wasu ƙwayoyin suka tsira. Filas kuma ya riƙe wannan zafin ya kai ta awa 14.

Da muka sake, giram 155 muka dama da ruwan ɗumi muka cika lita, ya jiƙa minti 20, muka riƙe a 85 na minti 20, muka tsoma gindin tukunyar a ruwan sanyi har ma'auni ya nuna 44, muka tace, iri cokali ɗaya da rabi da aka dama a gefe, cikin filas ɗin nan dai nata. A awa ta shida ya kama, ya kwana a firij, da safe cokali ya yanka shi ya bar rami, ruwan da ya taru a ramin bai cika ƙaramin cokali ba.

Ita mun canza komai lokaci ɗaya ne saboda kowane mataki da matsalarsa. In naku ya kusa daidai, abu ɗaya ne ke damun ku, to a canza abu ɗaya kawai a kowane haɗi kuma a rubuta awon gari, zafin da aka sa iri da awannin da ya yi, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ku san me ya gyara shi ba.

13. Sukari da ƙamshi da 'ya'yan itace fa, yaushe ake sawa?

Bayan ya kama ya yi sanyi. Sukari kaɗan tun farko ba ya hana shi kamawa, amma in ya yi yawa yana rage wa ƙwayoyin gudu, sai lokaci ya ja, a koma matsalar ta 9. In an zo sawa daga baya a juya a hankali da cokali, kuma a sani duk juyawa tana ɗan rage kauri. 'Ya'yan itace masu ruwa a sa lokacin da za a ci. Ɗanyar abarba da gwanda da kiwi kuwa suna da sinadarin da ke narkar da furotin, in suka kwana a cikin yogot za a tarar ya tsinke har da ɗaci, sai dai in an ɗan dafa su tukuna.